Yadda Jadawalin Lambobi Huɗu Ke Bayyana Jerin Fibonacci

Jerin Fibonacci yana farawa da 0 da 1, sannan kowace lamba ta zama jimlar biyun da suka gabace ta, wato 1, 2, 3, 5, 8, har abin da ya yi sama. Masana lissafi suna ɗora wannan doka a kan matiris, wato jadawalin lambobi mai layi biyu, na sama 1 da 1, na ƙasa 1 da 0, wanda duk sa'ad da aka ninka shi da lambobi biyu maƙwabta yakan tura su gaba da taki ɗaya.

Jadawalin yana da lambobin hali guda biyu, waɗanda ke nuna ninkin da yake yi wa duk jerin da bai sauya wa alkibla ba, kuma ana samunsu ta warware x² = x + 1. Amsoshin su ne φ = (1 + √5)/2, kimanin 1.618, da ψ = (1 − √5)/2, kimanin −0.618. Tunda kowane taki ninki ne da waɗannan biyun, kuma mafarin jerin 0 ne da 1, sai ƙa'idar da Binet ya wallafa a 1843 ta fito: F(n) = (φⁿ − ψⁿ)/√5.

A mataki na 10, φ¹⁰ ya kai kimanin 122.992, ψ¹⁰ kuwa ya ƙanƙance zuwa 0.008, kuma raba bambancinsu da √5 yana ba da 55 daidai. Sai dai ƙa'idar ba ta yafe gaggawa, domin wanda ya tsaya a kan 1.618 kawai zai sami 6762 a mataki na 20, alhali amsar gaskiya 6765 ce.