Taro ta waya: inda za a ajiye makirufo, sifika da kyamara



Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, 'yan'uwanmu na Mai Wurno, Sennar da Wad Madani suka warwatsu. Wani yana Gadarif, wani Fot Sudan, wani Saudiyya. Amma taron ƙungiya bai tsaya ba: akwai kuɗin adashi, akwai lissafin dabbobin da aka bar wa wani kiwo. Sai a taru a zaure, a kira na nesa ta bidiyo. To, idan aka ce saba'in shi kuwa ya ji tis'in, kun ga rigima ta samu. Yau za mu duba yadda ake shirya ɗakin.

A ce zaure ne mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, mutum goma a kan tabarma, da kwamfuta ɗaya.

Mu fara da makirufo, don murya ta fi hoto muhimmanci. Duk lokacin da ka ninka nisanka da makirufo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan an dogara da na jikin kwamfutar da ke bakin ƙofa, dattijon da ke ƙuryar ɗaki, mita 5 daga wurin, sai a ji shi kamar daga cikin rijiya. Saboda haka makirufo a tsakiyar jama'a yake zama, kada kowa ya wuce mita 2 daga gare shi. Ku ɗora shi a kan kujera 'yar tsuguno, ku shimfiɗa masa ƙyalle, ba a kan tiren shayi ba, domin ƙarar kofi za ta danne magana. Kada iskar fanka ta buge shi, janareta kuma a kai shi bayan gida.

Sai sifika. Abin da ya fi sauƙi shi ne 'yar na'urar taro mai kama da faifai, wadda sifika da makirufo ke haɗe a jikinta. Tana gane sautin da ita kanta ta fitar, ta cire shi kafin ta aika. Idan kuwa naku a rabe suke, ku haɗa su duka da kwamfuta ɗaya, ku nisanta sifikar, kada bakinta ya fuskanci makirufo, ku kuma rage ƙara.

Ga ƙa'idar da aka fi karyawa: na'ura ɗaya tak ce za ta ji, ta kuma yi magana a ɗakin. Sau da yawa sakatare yakan shiga taron da wayarsa alhali yana zaune a cikin zauren. Nan take sai ku ji kuwwa ko wani fito mai tsinin kunne, don wayarsa na ɗaukar sautin sifika tana mayarwa. Rufe makirufonsa kaɗai ba ya isa, sai ya kashe sautin wayar gaba ɗaya. Kuma ku riƙe wannan alama: idan na nesa ya ce yana jin muryarsa tana dawo masa, matsalar a ɗakinku take, ba a wurinsa ba.

Na uku, kyamara. Ku sa ta a bangon da ƙofa ko taga take, ta ba wa hasken baya, ta kalli cikin ɗaki. Idan ta fuskanci ƙofa a ranar Jazira, inuwoyi kawai za a gani, ba fuska. Ku daidaita tsayinta da idon wanda ke zaune, ku zauna kamar jinjirin wata, buɗaɗɗen gefen yana kallon kyamara, makirufo a tsakiya. Allon da ke nuna na nesa ya kasance dab da kyamarar, don idan kun dube su, su ga kamar ido da ido ne.

Kafin dattawa su iso, ku gwada. A Zoom akwai wurin da aka rubuta Test Speaker & Microphone. Sannan ku kira mutum ɗaya na nesa, wani ya zauna a wuri mafi nisa ya faɗi lambobi uku da muryarsa ta yau da kullum. Idan na nesa ya maimaita daidai, kuma ya ƙirga mutanen da yake gani suka cika, an shirya.

In layi ya yi rauni, ku kashe bidiyo ku bar murya. Duk adadin kuɗi ko na dabbobi da aka amince, shugaba ya maimaita shi kusa da makirufo, sakatare ya rubuta ya tura a saƙo.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. A huta lafiya.