05/02/19: Wace Rana Ce Wannan? Lacca Kan Daidaita Kwanan Wata a Fom-fom Ɗin da Aka Yi wa Sikanin

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda ke ɗakin nan ya san ISO 8601, ƙa'idar da aka fara fitarwa a 1988: shekara da lamba huɗu, wata da lamba biyu, rana da lamba biyu, kamar 2019-02-05. Ba ni da ja a kanta, kuma ban ga mai ja ba. Rigimata da wasu abokan aiki da manyan ofisoshi a kan hanyar da ake bi a kai ga wannan tsarin take. Sun ɗauka aikin na'ura ne: a yi wa takardu sikanin, manhajar OCR ta karanta, a latsa maɓalli, kwanakin su jeru. Ni kuwa shekara da shekaru ina cewa mayar da kwanan wata hukunci ne, kuma ba a yanke hukunci sai da shaida. Inda babu shaida, a rubuta cewa babu.

Bari in kawo lissafin da nake kafa hujja da shi, wanda kowa zai iya yi a bayan ambulan. Shekara tana da kwana 365. A kowane wata akwai ranaku goma sha biyu na farko, daga 1 zuwa 12, waɗanda lambarsu za ta iya zama lambar wata. Sha biyu sau sha biyu, 144 ke nan. A cire ranaku 12 da rana da wata suka zo ɗaya, irin 03/03 ko 07/07, domin ko ta ina aka karanta su ba sa canzawa. Saura 132. Waɗannan kwanaki 132 kowannensu yana da fuska biyu: 05/02 biyar ga Fabrairu ne a wurin akawun Kano da na Maraɗi, domin Ingila da Faransa duk rana suke fara rubutawa, amma biyu ga Mayu ne a wurin kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka. Kwana 132 cikin 365 ya ɗan haura kashi 36 cikin ɗari. Wato a cikin kowane kwanan wata uku da ke rumbunku, fiye da ɗaya zai iya juyewa, kuma bayan ya juye zai ci gaba da zama kwanan wata mai kyan gani wanda babu manhajar da za ta ƙi shi.

Sauran kwanaki 221, waɗanda ranarsu ta wuce 12, su ne shaidunmu. Wanda ya ga 19/03 ya san babu wata na goma sha tara, don haka marubucin rana ya fara sakawa. Wanda ya ga 03/19 ya san wata aka fara sakawa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kwanakin shekara suna faɗin tsarin da aka rubuta su da shi da bakinsu. Aikin gaba ɗaya shi ne a sa waɗannan 221 su ba da shaida a kan 132 ɗin.

Ga misali da katin rigakafin yaro, irin wanda uwa ke naɗewa a leda ta ɓoye a ƙasan akwati. An rubuta ranar haihuwa 05/02/19. Allurar Penta ta farko 19/03/19, ta biyu 16/04/19, ta uku 14/05/19, allurar ƙyanda kuma 05/11/19. Hannu ɗaya, biro ɗaya. Kwanaki uku na tsakiya ba su da fuska biyu, duk rana ce a gaba. Wannan ita ce shaida ta farko. Shaida ta biyu tana cikin jadawalin rigakafin kansa: a Najeriya ana yin Penta a mako shida, da goma, da sha huɗu, ƙyanda kuma a wata tara. Daga 5 ga Fabrairu zuwa 19 ga Maris na 2019 kwana 42 ne cif, wato mako shida. Daga 5 ga Fabrairu zuwa 5 ga Nuwamba wata tara ne. Shaidu biyu sun haɗu, sai mu rubuta 2019-02-05 da 2019-11-05 da kwanciyar hankali.

To, a zuba waɗannan kwanaki biyar a Excel a kwamfutar da yankinta ke kan tsarin Amurka, kamar yadda yawancin kwamfutocin da ake sayo mana suke zuwa. Ranar haihuwa za ta koma 2 ga Mayu, allurar ƙyanda ta koma 11 ga Mayu. Yaron da aka yi wa allura a wata tara ya zama an yi masa yana da kwana tara a duniya. Kwanaki ukun Penta kuwa Excel ba zai iya karanta su ba, sai ya bar su a matsayin rubutu zalla. Idan daga baya wani ya gyara su da hannu, rajista za ta nuna an yi wa yaro allura a Maris, alhali sai Mayu aka haife shi. Na taɓa karɓar irin wannan fayil daga wani ofishi, an riga an kai takardun asali sito, kuma babu wanda ya lura.

Gane wannan ɓarna ba shi da wuya. Excel yana jingina kwanan wata na gaske a dama, rubutu zalla kuma a hagu, muddin ba a taɓa saitin gurbin ba. Idan ka ga jeri ɗaya wasu a dama wasu a hagu, ka tsaya. Sannan ka ƙirga: a cikin waɗanda suka koma kwanan wata, nawa ne ranarsu ta wuce 12? A tarin takardu masu lafiya ya kamata su kusanci shida cikin goma. Idan babu ko ɗaya, an juya maka kwanaki.

Masu ja da ni suna cewa manhajojin yanzu suna da wayo, suna gane tsari da kansu. Wayon nan shi ne abin da nake tsoro. A Python, dateutil zai karɓi 04/25/2019 ko da ka ce masa dayfirst=True, ya juya shi shiru ya ba ka 25 ga Afrilu. Amsar daidai ce, amma ya haɗiye labarin da ya fi amsar muhimmanci, wato cewa a cikin tarin nan akwai mai fara rubuta wata, kuma duk kwanakinsa masu fuska biyu abin tuhuma ne. Ni na fi son manhaja mai taurin kai:

```
datetime.strptime("05/02/2019", "%d/%m/%Y").date().isoformat()
```

Wannan zai ba da 2019-02-05. Ka ba shi 04/25/2019, zai tsaya ya ce ValueError, sai mutum ya je ya duba hoton takardar. Wasu kuma suna cewa duba da ido yana da tsada. Su faɗa mini kuɗin sake tara bayanan da aka lalata.

Kafin a kai ga tsari ma, akwai karatun lambobin. OCR yana rikita 0 da O, 5 da S, 8 da B, kuma yakan ɗauki karan da ke raba rana da wata a matsayin 1, sai 5/2 ya zama 512. Mu da ke aiki kusa da iyaka muna da ƙarin matsala. Wanda ya yi makaranta a Nijar yana rubuta 1 da doguwar ƙugiya a gaba, 7 kuma ya ja masa kara a tsakiya. Akawun da ya saba da rubutun Najeriya zai karanta wannan 1 ɗin a matsayin 7, Janairu ta koma Yuli. Maganinsa shi ne a nemo wani 7 a takardar a ga ko yana da kara.

Shekara mai lamba biyu ita ma tarko ce. Excel yana ɗaukar 00 zuwa 29 a matsayin shekarun 2000, Python kuma da %y yana kai wa har 68. Tsohon ma'aikacin da aka haifa a 55, Python zai ce 2055. Babu iyaka ɗaya da za ta dace da kowane gurbi. Ranar haihuwar ɗan fansho da ranar da ya cike fom kowacce da nata ƙarnin, kuma ma'anar gurbin ce za ta yanke.

Sai abin da ya fi ci mini rai, wato ƙirƙiro ranar da babu ita. Dattijo ya ce an haife shi wajen 1960, a Nijar ma takardarsa cewa take né vers 1960, sai akawu ya cike 01/01/1960 domin manhaja ta ƙi karɓar gurbi a buɗe. ISO 8601 ta yarda a rubuta 1960 kaɗai, ko 1960-03 idan watan aka sani. Kashi na biyu na ƙa'idar, wanda ya fito a 2019, ya ba da damar rubuta 1960~ don nuna kimantawa. Haka kwanan watan Hijira da ke takardun kotunan shari'a da na makarantun Islamiyya: shekarar 1440 ta fara a Satumban 2018 ta ƙare a ƙarshen Agustan 2019, kuma da yake da ganin wata ake farawa, lissafin kwamfuta zai iya saɓa wa ranar da aka yi aiki da ita da kwana ɗaya. A mayar, amma a nuna cewa mayarwa aka yi.

Shawarwarina huɗu ne, kuma ba yau na fara faɗinsu ba. Na farko, kowane kwanan wata ya sami gurbi uku: yadda aka rubuta shi harafi da harafi, yadda aka mayar da shi, da hujjar mayarwar, ko dai ranar ta wuce 12, ko sauran kwanakin takardar sun nuna, ko ba a tabbatar ba. Kada a taɓa goge gurbin farko, kuma a haɗa shi da lambar hoton takardar. Na biyu, a yanke hukuncin tsari a kan takarda guda ko hannun marubuci guda, a daina yanke shi a kan kowane kwanan wata shi kaɗai. Na uku, a daina biyan 'yan kwangilar shigar da bayanai bisa yawan fom kawai. Mutum biyu su shigar da gurbin kwanan wata kowa daban, a kwatanta, a biya bisa daidaito. Na huɗu, tun ran gini ran zane: duk sabon fom ya zo da akwatuna masu suna, rana, wata, shekara mai lamba huɗu, kuma a rubuta watan da haruffa.

Shugabannin ofisoshi da ke nan, roƙona gare ku ɗaya ne. Gobe da safe ku sa a buɗe fayil ɗin da aka riga aka miƙa muku, a ƙirga kwanakin da ranarsu ta wuce 12. Kafin sakamakon ya fito, kada ku sa hannu a kan takardar izinin ƙona ko zubar da fom ko guda ɗaya.