Ziyarar Bana: Da Ɗan Jagora Ko Mu Kaɗai?

Kafin mu tara kuɗin ziyarar bana, mu bambanta tafiya biyu. Daga Managil zuwa Maiwurno da madatsar ruwan Sinnar, wadda aka gama a 1925, ba ma bukatar ɗan jagora. Hanyar fataucinmu ce, kuma muna da 'yan'uwa a can. Mu ɗauki shatar bas ɗaya, mu raba kuɗin.

Gandun dajin Dindir kuwa daban ne. Sai da rani ake shiga, da mota mai jure daji, kuma baƙo ɓata yake yi. A nan mu biya ɗan jagora, mu cika kowace mota, don kuɗinta ya fi ƙarfin mutum uku. Amma mu fara tambayar lafiyar hanya. Allah ya kiyaye.