Littafin Bashi Ba Ya Ƙonewa: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya

An ce in yi magana a kan ajiyar bayanai a intanet, wadda yaranmu ke kira kilawud. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, don haka abin da na gani da idona zan faɗa.

Kilawud ɗin nan ba wani tsafi ba ne. Kwamfutoci ne na wani kamfani, a gini mai wuta dare da rana. Kai naka ka rubuta a wayarka, kwafin ya je can ya zauna. Kamar ka kai amana gidan mutumin da ba a ɗauke masa wuta.

Dalilin shigata, damina ce ta yi mini barna. Ruwa ya shiga shagona a nan Shagamu, ya jiƙa littafin bashi, shafi shida suka manne. Mutum huɗu da suka karɓi goro muka yi ta jayayya da su, har ɗaya muka daina gaisawa. Kuɗin bai dame ni kamar zumuncin da ya lalace ba.

Ɗana ne ya buɗe mini Google Sheets a waya. Layi biyar kawai muka ja: kwanan wata, sunan mai karɓa, kayan da ya ɗauka, abin da ya biya, da saura. In mutum ya ɗauki kaya na dubu 180 ya ba da dubu 100, da kanta take fitar da dubu 80. Ƙanena da ke karɓar kaya a Kano yana ganin wannan shafin a wayarsa, ba sai na buga masa ba.

To, ina batun rashin sabis? Nan ne yawancinmu ba mu sani ba. A jikin fayil ɗin akwai wurin da aka rubuta `Available offline`. In ka kunna shi lokacin da kake da sabis, shi ke nan, ko cikin kasuwa ba ko sanda ɗaya za ka ci gaba da rubutu. Wayar tana riƙe abin, sabis na dawowa ta tura. Rubutu kuma ba shi da nauyi: lissafina na shekara guda bai kai hoto ɗaya cin data ba. Wuta kuwa, waya da fawa banki sun isa, ba sai an tayar da janareto ba.

Amma jama'a, a kula. Abin da ka rubuta ba sabis, yana cikin wayarka ne kaɗai, bai isa can ba tukuna. In wayar ta faɗa ruwa kafin ya tafi, ya tafi ke nan. Ni al'adata, bayan sallar isha'i nakan kunna data, in tambayi ƙanena ko ya ga cinikin yau. In ya gani, ya isa. In bai gani ba, ban kwanta ba.

Na biyu, Google na ba kowa gigabayit 15 kyauta, amma wasiƙu da hotuna da fayil duk a cikinsa suke ci. Wani abokina ya bar wayarsa tana kwashe bidiyon biki, wurin ya cika, ajiyar ta tsaya bai sani ba. A kashe kwashe bidiyo, a bar wa lissafi wuri.

Na uku shi ne mabuɗi. Yawancinmu yaro mai gyaran waya ne ya buɗe mana akawun, kalmar sirrin tana hannunsa, mu ba mu san ta ba. Wallahi wannan kamar ka ba baƙo makullin shago ne. A canza ta, a rubuta a ajiye a gida, a sa lambar wayar da aka yi wa rajista da sunanka, don in waya ta ɓace da wannan layin za a dawo maka da akawun.

Makarantarmu ta Islamiyya ma mun yi mata haka. Da sakamakon ɗalibai yana cikin kwamfuta ɗaya a ofis, ran da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta, zango biyu suka salwanta. Yanzu kowane malami na shigar da makin ajinsa da wayarsa, shugaban makaranta na ganin duka. Sharaɗin da muka sa, malami ajinsa kaɗai zai iya gyarawa, saura sai dai ya duba. In an taɓa maki, akwai tarihin gyara da ke nuna wanda ya taɓa.

Littafin takarda dai ban yar da shi ba, ina rubutawa a duka biyun. Mai son a saita masa, ya same ni a ofishin ƙungiya ranar Lahadi bayan la'asar, ya zo da wayarsa da cajinta.