Kafin a Taɓa Kwamfuta: Tsara Manhajar Fitar da Sakamakon Ɗalibai a Kan Takarda

 

Aikin da za mu duba yau ƙarami ne, kuma kusan kowane ɗalibi an taɓa ba shi irinsa a shekararsa ta farko: a rubuta manhajar da za ta karɓi makin ɗalibi ta faɗi giredinsa. Idan aka ba da wannan aiki, yawancin ɗalibai sai su buɗe kwamfuta nan take su hau bugawa, don a ganinsu babu wani abin tunani a ciki. To, akwai tambayoyi uku ko huɗu da ke ɓoye a cikin wannan ɗan aiki, kuma kwamfuta ba za ta yi muku su ba. Takarda da biro ne ke tono su.

Bari mu fara da ƙa'idar da za mu yi aiki da ita. A yawancin jami'o'in Nijeriya, maki 70 zuwa 100 shi ne A, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, abin da ya gaza 40 kuwa F. Wasu makarantun ba sa amfani da E, saboda haka abu na farko shi ne ka nemi ƙa'idar makarantarku a rubuce, kada ka dogara da abin da ka ji a bakin abokai. A misalinmu za mu ɗauka gwaje-gwajen cikin zango suna da maki 30, jarrabawar ƙarshe tana da 70.

Sudokod shi ne rubuta matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, da kalmomin da mutum ke fahimta, amma a tsarin da ya yi kusa da na manhaja. Ba kwamfuta ce za ta karanta shi ba, don haka ba shi da wani harshe na dole. A allo kun saba ganin IF da THEN da ELSE. Ni da Hausa zan rubuta nawa, kuma babu abin da ya ragu:

```
FARA
KARANTA gwaji, jarrabawa
jimilla = gwaji + jarrabawa
IDAN jimilla >= 70, giredi = A
IN BA HAKA BA, IDAN jimilla >= 60, giredi = B
IN BA HAKA BA, IDAN jimilla >= 50, giredi = C
IN BA HAKA BA, IDAN jimilla >= 45, giredi = D
IN BA HAKA BA, IDAN jimilla >= 40, giredi = E
IN BA HAKA BA, giredi = F
NUNA jimilla, giredi
TSAYA
```

Ku lura da yadda aka jera tambayoyin, daga babba zuwa ƙarami. Wannan jeri shi ne zuciyar aikin. Kamar a ɗora rariya biyar ne, mai manyan ramuka a sama, mai ƙanana a ƙasa: kowace tana tare nata, sauran su zube zuwa ta gaba. Ɗalibar da ta ci 22 a gwaji da 41 a jarrabawa tana da 63. Tambayar farko, ta kai 70? A'a. Ta biyu, ta kai 60? Eh. An ba ta B, an daina tambaya. Ba sai mun ce “kuma bai kai 70 ba” a layi na biyu ba, domin duk makin da ya iso wannan layi ya riga ya faɗi a na farko.

Yanzu ku juya jerin, ku fara da tambayar ko maki ya kai 40. Mai 63 ya kai, sai a ba shi E. Mai 95 ma ya kai, shi ma E. Aji gaba ɗaya zai rabu gida biyu, masu E da masu F. Abin haushin shi ne kwamfuta ba za ta nuna wani jan rubutu ba, domin ba a karya dokar harshen manhaja ba. Za ta yi aikinta lami lafiya, ta fitar da ƙarya. Wanda ya bi sudokod ɗinsa da yatsa, da maki ɗaya tak irin 63, zai kama wannan kuskure kafin ya kunna na'ura.

Sai fulocat, wato zanen da ke nuna hanyar da aikin ke bi. Ya girmi kwamfutar zamani: a 1921 Frank da Lillian Gilbreth suka gabatar da irin wannan zane ga ƙungiyar injiniyoyi a Amurka don tsara ayyukan masana'antu, a 1947 kuma Herman Goldstine da John von Neumann suka yi amfani da zanen hanya wajen tsara lissafin kwamfuta. Siffofin da muke bukata huɗu ne. Mai kama da ƙwai na farawa da tsayawa ne. Akwati mai karkatattun gefuna na shigar da bayani ne ko fitar da shi. Akwati miƙaƙƙe na lissafi ne, kamar haɗa gwaji da jarrabawa. Mai siffar daimon kuma na tambaya ne, kibiya ɗaya ta shiga, biyu su fita, ɗaya Eh, ɗaya A'a.

Ga wata hanya mai sauƙi ta duba zanenka. Giredi shida ne, saboda haka daimon biyar ake bukata, don F ba ta bukatar tambaya. Ita ce inda A'a ta ƙarshe ke sauka. Idan ka ƙirga shida, wataƙila ka yi wa F tata tambayar, kuma kibiyar A'a ta ƙarshen tana reto ba ta je ko'ina ba. Wannan shi ne abin da zane ya fi rubutu da shi. A rubutu mutum yakan manta da wani reshe bai lura ba, amma a zane kibiyar da ba ta da masauki ido na ganinta.

To, ga tambayar farko da ke ɓoye. Ƙa'ida ta ce B ita ce 60 zuwa 69, A kuma daga 70. Ina mai 69.5 zai zauna? Malamai suna ba da rabin maki, wannan ba sabon abu ba ne. Ɗalibin da ya kwafi teburin yadda yake, ya rubuta cewa B ita ce daga 60 zuwa 69 daidai, ya bar rami tsakanin 69 da 70. Mai 69.5 zai wuce A, ya wuce B, ya yi ta gangarawa har ya faɗa F. Jerin da muka rubuta ba shi da wannan rami, zai ba shi B. Sai dai ko B ɗin ce hakkinsa, ko kuwa a cike rabin ya zama 70 ya sami A? Wannan ba hurumin mai rubuta manhaja ba ne. Ka tashi ka je wurin jami'in jarrabawa na sashe ka tambaya, abin da ya faɗa ka sa shi a sudokod a matsayin layi mai zaman kansa.

Ko an ce a cike ma, da sauran rina a kaba. Idan da Python za ka rubuta, ka san cewa `round` tana kai rabi zuwa lamba mafi kusa da ke rabuwa biyu daidai:

```
round(69.5)   # 70
round(44.5)   # 44
```

Mai 69.5 ya haye zuwa A, mai 44.5 kuwa an mayar da shi 44, ya tsaya a E maimakon D. Ɗalibai biyu, rabin maki iri ɗaya, hukunci daban. Idan sudokod ɗinka ya faɗa ƙarara cewa rabi yana hawa sama, kana da ma'aunin da za ka gane manhajar ta saɓa.

Tambaya ta biyu: me za a yi da makin da ba zai yiwu ba? Ɗalibai da yawa sukan duba cewa jimilla ba ta wuce 100 ba, su ce sun gama. Ku ɗauki wannan misali. Ɗalibi ya ci 25 a gwaji, 40 a jarrabawa, jimilla 65, wato B. Mai shigar da maki ya gaji, yatsunsa suka juya lambobin, ya buga 52. Jimilla ta zama 92. Ba ta wuce 100 ba, saboda haka ta shige, an ba shi A. Maganin shi ne a duba kowane maki shi kaɗai tun kafin a haɗa: gwaji tsakanin 0 da 30, jarrabawa tsakanin 0 da 70. A zane, wannan sabon daimon ne bayan akwatin shigar da maki, kuma kibiyarsa ta A'a tana komawa sama a sake shigarwa. Manhajar da ta ƙi ba da giredi ta fi wadda ta ba da na ƙarya; da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma kada ku ɗauka wannan ya rufe ƙofa duka. Idan aka buga 23 a maimakon 25, babu daimon da zai kama shi, sai mutum ya gwada da takardar asali.

Ta uku ita ce ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba. Wanda ya zauna ya ci sifili daban, wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa daban. Idan gurbin da babu komai ya koma 0, manhajar za ta haɗa shi da makin gwaji ta rubuta F, alhali sashe yana da tasa alamar ta wanda bai halarta ba. Shi ma reshe ne da za a zana, kuma ya zo kafin lissafin jimilla.

Abu na ƙarshe, ba ɗalibi ɗaya za a yi wa ba, aji ne. Sai a ja kibiya daga bayan nuna sakamako ta koma wurin shigar da maki, a kuma yanke yadda za a fita daga zagayen. Hanyar da aka saba ita ce a ce idan an buga -1 a gurbin gwaji, an gama. Ku kula da inda za ku ajiye wannan tambaya. Idan ta zo bayan daimon mai duba ingancin maki, za a ƙi -1 a matsayin maki mara kyau, a ce a sake shigarwa, kuma manhajar ba za ta taɓa tsayawa ba. Dole tambayar fita ta riga ta inganci.

Kun ga zanen da ya fara da daimon biyar yanzu ya kai takwas. A ganina nan ne iyakar amfanin fulocat: ga aiki kamar wannan ya dace, amma idan aka ƙaro lissafin matsakaicin maki na darussa goma, zanen zai cika allo ya rikita mai karatu. A nan sai a zana gundarin hanya kawai, a bar wa sudokod ƙananan bayanai.

Kafin ku buga ko layi ɗaya, ku ja tebur mai gurbin gwaji, jarrabawa, jimilla, giredin da kuke sa rai, da wanda zanen ya ba ku. Kada ku ɓata lokaci da makin tsakiya irin 55, kusan kowane zane yana cin wannan. Ku gwada bakin iyaka, biyu-biyu: 39 da 40, 44 da 45, 49 da 50, 59 da 60, 69 da 70. Wanda ya rubuta `>` a inda ya kamata ya rubuta `>=`, a nan asirinsa zai tonu, domin mai 70 cif zai sami B, mai 40 cif kuma ya faɗi. Ku ƙara da 0 da 100 da 44.5, da gwaji 52, da wanda bai zo ba.

Ɗalibai, ga roƙona. Wanda duk ya riga ya rubuta wannan manhaja a aji, ya koma yau ya zana fulocat ɗinta daga abin da ya rubuta, ya bi ta da waɗannan makin. Malamai kuma, ina roƙon a riƙa karɓar takardar sudokod da teburin gwaji tare da manhajar, a ba su nasu makin.