Iskar Waje a Ƙasa Mai Zafi da Laima: Me Ya Sa Ake Sanyaya Ta Sannan a Sake Ɗumama Ta?



Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Ikko ko Fatakwal ya san wani irin zafi wanda ba mu saba da shi ba a watan Maris na Kano. Namu zafin busasshe ne, gumi na fitowa yana bushewa. Nasu kuwa mai laima ne, riga takan manne wa mutum ko da yana zaune a inuwa. Batuna a yau shi ne na'urar da ke ɗebo iskar waje ta gyara ta kafin ta shigar da ita babban gini, kamar asibiti ko ofis. A cikinta akwai mataci, sai naɗaɗɗen bututu mai ɗauke da ruwan sanyi, wanda masu sana'ar ke kira koyil, sai hita, sai fanka. Tambayar da mai biyan kuɗin wuta yakan yi ita ce: don me za a kashe kuɗi a sanyaya iska, sannan a sake kashe wasu a ɗumama ta?

Amsar tana cikin ilmin auna laimar iska, wanda injiniya Willis Carrier na Amirka ya tsara ƙa'idojinsa a wata maƙala a shekarar 1911. Tushensa ɗaya ne: iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururi, kuma gwargwadon zafinta gwargwadon abin da za ta iya riƙewa. In aka yi ta sanyaya ta, za a kai wani mataki da za ta ƙoshi, ta fara zubar da ruwan. Wannan mataki zan kira shi matakin raɓa, kuma a ganina kalmar tamu ta dace da shi sarai, domin abin da ke faruwa ga ciyawa da asuba ke nan, shi ne kuma ke sa kofin ruwan sanyi ya yi gumi.

Bari mu ɗauki misali da lissafi. A ce wata rana a Ikko zafin iskar waje digiri 32 ne, laimarta kuma kashi 70 cikin ɗari na abin da za ta iya riƙewa. Kowane kilo na irin wannan iska yana ɗauke da ruwa giram 21, matakin raɓarta kuwa wajen digiri 26. A cikin ofis ana son digiri 24 da laima kashi 50, wato giram 9.3 kacal, mai matakin raɓa digiri 13. To, ku lura da tazarar. Ta fuskar zafi, digiri 8 ne kawai tsakanin waje da ciki. Ta fuskar ruwa kuwa, sai an raba iskar da fiye da rabin abin da take ɗauke da shi.

Koyil ba shi da wata hanyar cire ruwa sai ta sanyi. Saboda haka ba zai yiwu a tsaya a digiri 24 ba. Iskar da aka tsayar a nan ta ɗan zubar da ruwa kaɗan ne kurum, za ta shiga ɗaki tana daf da ƙoshi. Dole a gangara da ita ƙasa da digiri 13. Da ruwan sanyi mai digiri 6 ko 7 a cikin bututun, ana iya fito da ita a digiri 12 da laima kashi 95, wato giram 8.3. An bar ta ta ɗan fi ta ɗakin bushewa da gangan, domin ta shanye laimar numfashi da gumin mutanen da ke ciki.

Yanzu sai kuɗin aikin. Masana suna haɗa zafin da ma'auni ke nunawa da zafin da ke ɓoye cikin tururi su kira shi jimillar zafi. Zafin ɓoye ba baƙo ba ne gare mu: shi ne wanda ruwa ke kwashewa idan ya tsattsafo ta jikin randa ya bushe, har na ciki ya yi sanyi. A koyil akasin haka ke faruwa, tururi na komawa ruwa yana sauke zafinsa a kan bututu. Iskar wajenmu tana da jimillar kilojul 86 a kowane kilo, ta bayan koyil kuma 33. In na'urar tana jan kilo ɗaya a kowace daƙiƙa, aikin koyil kilowat 53 ne. Daga ciki, 20 ne kawai suka tafi wajen sauko da zafi daga 32 zuwa 12. Sauran 33 duk na matse ruwa ne, ruwan da zai kai lita 46 a kowace awa yana fita ta bututun magudana. Wanda ya yi odar na'ura bisa lissafin digiri kaɗai, ya sayo wadda ba ta kai rabin bukatarsa ba.

Sai hita. Iska mai digiri 12 in ta sauka kan mutum kai tsaye takan takura shi, kuma bakin ƙarfen da take fitowa ta cikinsa yana iya yin raɓa ya riƙa ɗiga. A ranar da ɗaki ba shi da zafi sosai, za ta sanyaya shi fiye da kima. Don haka ake ɗaga ta zuwa kamar digiri 20. Hita ba ta ƙara ruwa, ba ta kuma ragewa, giram 8.3 ɗin yana nan, sai dai laimar ta sauko daga kashi 95 zuwa 57. Wannan yana cin kilowat 8. Gaskiyar mai ƙorafi a nan ita ce ba lalle ne a sayi wannan zafi da lantarki ba. Ana iya aro shi daga wanda injin sanyaya ke zubarwa waje, ko daga ita kanta iskar waje kafin ta isa koyil, wanda kuma zai rage wa koyil nauyi.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne ranar ruwan sama. Zafin waje ya sauko digiri 26, kowa yana jin sauƙi, amma laima ta kai kashi 95, wato har yanzu giram 20. In ma'aunin zafin ɗaki kaɗai ke sarrafa bawul ɗin ruwan sanyi, zai rage ruwan, koyil ya ɗumama. A ce iskar ta fito a digiri 17 maimakon 12. Za ta shiga da giram 11.5, laimar ɗaki ta haura kashi 60 tun kafin a haɗa da ta mutane. Alamomin ba sa ɓuya: takardun fayil su yi laushi, fumfuna ta fito a bayan kabad, ɗaki ya yi sanyi amma jiki yana danƙo. Gyaran shi ne matakin raɓar iskar da ta bar koyil ya sarrafa bawul, zafin da ake so kuma ya sarrafa hita.

Jami'in da ke kula da gini yana iya gwada wannan da kansa. Ya auna zafin iska tsakanin koyil da hita, ba bayan hita ba. Sannan a rana mai laima ya tara bokiti mai lita 10 a bakin magudana. Na'ura irin ta misalinmu za ta cika shi cikin minti 13 ko kusa da haka. In ya ɗauki rabin awa, ko dai koyil bai yi sanyin da ya kamata ba, ko magudanar ta toshe. Alƙaluman nan duka na gaɓar teku ne. A Jos, inda nauyin iska ya ragu saboda tudu, sai an sake lissafin.