Rahoton Lissafin Gini: Wa Ya Ce Ɗaki Ne, Ba Sito Ba?



Kun san rigimata da tarin takardun da ake kawo mana da sunan rahoton lissafi: shafuka ɗaruruwa da STAAD.Pro ko Orion ya fitar, an buga hatimin COREN a bango, ba jimla ɗaya da ke faɗin abin da mai zane ya ɗauka kafin ya danna madanni. Mai dubawa ya tambaya, a ce masa injiniya ya yi tafiya. Ni a wurina rahoton da sai mai shi na zaune kusa ake fahimtarsa bai kammalu ba.

Mu ɗauki bene irin wanda ake yi a bakin kasuwar Jega, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama. Kaurin kankaren benen milimita 150 ne, nauyinsa 0.15 × 24 = 3.6 kN/m². A ƙara 1.2 na daɓe, tayil da filasta, nauyin dindindin ya zama 4.8. In ɗakin kwana ne, BS 6399 ta ba mu 1.5 na mutane da kayansu. Da ma'aunin BS 8110, 1.4 × 4.8 + 1.6 × 1.5 = 9.12 kN/m². Babu kuskure ko ɗaya a nan.

To amma ku da kuka san Jega, me mai gida zai yi da saman nan idan kaka ta yi? Buhuna zai jibge. Buhu mai kilo 100 kusan 1 kN ne, kuma in an kwantar da shi yana cin kamar rabin murabba'in mita. A ɗora sahu biyar, an sami buhu goma a kowace murabba'in mita, wato 10 kN/m² a wurin da aka yi wa tanadin 1.5. Lissafin ya koma 6.72 + 16 = 22.72, ninki biyu da rabi ke nan. Wannan 1.5 ɗin ita ce ta yanke hukuncin yawan rodi da girman fila, amma a mafi yawan rahotannin da na duba tana ɓoye can cikin fayil ɗin manhaja. Ya kamata ta fito a shafin farko da harshen mutane: an lissafa saman nan don kwana, ba a yarda a tara hatsi ko albasa ba. Mai dubawa da ya san halin 'yan kasuwarmu yana karanta layin zai ɗauki waya ya tambayi mai gini gaskiyar niyyarsa, tun ba a sayi rodi ba.

Daga nan sai mai dubawa ya iya bin nauyin da yatsa har ƙasa. Kankare ya miƙa wa bim, bim ya miƙa wa fila, fila ta sauke a harsashi, kowanne da lambar da ta yi daidai da ta jikin zane. Filar tsakiya mai ɗaukar fili mita 4 sau 4 tana karɓar kusan 146 kN daga kankaren in ɗaki ne, 364 in sito ne, ban da bim, bango da rufi. In adadin da ya bar fila ba shi ya isa harsashi ba, nauyi ya ɓata a hanya. Shi ya sa nake dagewa a rubuta jimlar nauyin da aka ɗora wa ginin kusa da jimlar abin da harsasai suka karɓa.

Ƙasa ma haka. Kowa ya rubuta 150 kN/m² ya wuce. Daga ina? Jan tsakuwar tudu a hanyar Maiyama da laka ta fadamar Jega ba ɗaya ba ne. In an haƙa an gwada, a faɗi zurfi da watan da aka yi, domin ƙasar rani daban da ta damina. In zato ne, a rubuta zato ne.

Wasu abokan aikina na cewa mai gini ba ya biyan kuɗin dogon rubutu. Shafi biyu nake nema, kuma wanda ya yi lissafin da kansa ba zai wuce awa ɗaya a kansu ba.

Ga jami'an da ke sa hannu a izinin gini, ku mayar da duk rahoton da ba shi da shafin zato, da zanen hanyar nauyi, da teburin da ya jera ƙarfin da ake buƙata kusa da wanda aka tanada. Ga malaman sashen injiniya kuwa, ku sa ɗaliban aji biyar su yi musayar rahoto, a hana su magana da juna, kowa ya gano nauyin harsashi ɗaya daga takardar ɗan'uwansa. In ya kasa, a rage makin wanda ya rubuta.